Yadda ciyawa da tuta ke kaɗawa a wasannin bidiyo ba tare da ƙasusuwa ba

Duk abin da ake gani a wasan bidiyo mai siffa uku, mutum ne ko mota ko ganyen bishiya, an gina shi ne da raga ta ƙananan alwatika. Kowace alwatika tana da kusurwa uku, kuma kowace kusurwa ɗigo ne da kwamfuta ta san matsayinsa da lambobi uku: nisansa zuwa gefe, tsayinsa zuwa sama, da zurfinsa zuwa ciki. Motsa abu a cikin wasa ba komai ba ne illa sauya waɗannan lambobi daga hoto zuwa hoto, sau 30 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Tambayar da masu haɗa wasa suke fama da ita ita ce wa zai yi wannan sauyi, kuma nawa zai ci.

Hanyar da aka saba da ita wajen motsa mutane da dabbobi ita ce ta ƙwarangwal. Ana dasa ƙasusuwa na lissafi a cikin ragar, ana ɗaure kowane ɗigo ga ƙashi ɗaya ko fiye, galibi ba ya wuce huɗu, sannan mai zane ya tsara yadda ƙasusuwan za su juya. Idan ƙashin gwiwa ya lanƙwasa, ɗigogin da ke ɗaure gare shi sai su bi shi. Hanyar tana da kyau ga jarumin wasa guda ɗaya, ko ma ga sojoji hamsin. Amma a fili mai ganyen ciyawa 100,000 lissafin yana rushewa. Idan aka ba kowane ganye ƙasusuwa uku kacal, an sami ƙasusuwa 300,000. Matsayin kowane ƙashi yana buƙatar lambobi 12, wato bayit 48, saboda haka a kowane hoto dole babban furosesa, CPU, ya lissafa kusan megabayit 14 na bayanai ya aika wa katin hoto, kuma ya maimaita hakan sau 60 a daƙiƙa. Duk wannan wahala a kan ciyawar da ɗan wasa zai taka ya wuce.

Mafitar ita ce a bar ragar yadda take, a tsaye cak a cikin ma'ajiyar katin hoto, a sa katin da kansa ya karkatar da ɗigogin a daidai lokacin da yake zana su. Katin hoto, GPU, yana gudanar da wata 'yar ƙaramar manhaja a kan kowane ɗigo kafin ya zana shi, wadda masu sana'ar ke kira bateks sheda, a nan kuma za a riƙa ce mata manhajar ɗigo. Asalin aikinta shi ne ta karɓi matsayin ɗigo ta faɗi inda zai faɗa a kan allo. Tun daga DirectX 8 a ƙarshen shekarar 2000 da katin GeForce 3 na kamfanin Nvidia a 2001, masu haɗa wasa suka sami damar rubuta wannan manhaja da kansu, kuma tun da za su iya rubuta ta, za su iya cusa mata ɗan lissafin da zai ture ɗigon kaɗan kafin ya isa allo. Abin da CPU zai aika a kowane hoto ya ragu daga megabayit 14 zuwa lambobi ƙalilan: lokaci, da inda iska ta nufa, da ƙarfinta.

Manhajar da ba ta tuna komai

Akwai hali guda na manhajar ɗigo da ya kamata a fahimta tun farko, domin ƙarfin dabarar da iyakarta duka daga nan suka fito. Manhajar tana ganin ɗigo ɗaya ne kawai a lokaci guda. Ba ta san inda maƙwabtansa suke ba, ba ta kuma tuna inda shi kansa yake a hoton da ya wuce. Kowane hoto tana farawa ne daga siffar asali, ta ture ɗigon, a zana, a watsar da sakamakon. Wannan ne ya sa katin ke iya sarrafa dubban ɗigogi a tare, tun da babu wanda ke jiran wani.

Saboda haka ba za a iya cewa ɗigo ya ci gaba da tafiya da saurin da yake yi ɗazu ba, domin babu wanda ya ajiye wannan saurin. Dole motsin ya zama tsari wanda idan aka ba shi matsayin ɗigon na asali da lokacin da ake ciki, zai fitar da amsa kai tsaye. Lissafin da ya fi dacewa da haka shi ne `sin`, wanda ke karɓar lamba ya mayar da amsa mai lilo tsakanin 1 da -1, yana kammala zagaye ɗaya duk lokacin da lambar ta ƙaru da kusan 6.28. Idan aka ba shi lokaci, amsarsa za ta riƙa hawa da sauka a hankali ba tare da tsayawa ba. Idan kuma aka haɗa lokacin da matsayin ɗigon, kowane ɗigo zai kasance a wani mataki daban na lilon, sai ido ya ga igiya tana tafiya, alhali kowane ɗigo gaba da baya kawai yake yi a wurinsa.

Tuta mai tsawon mita biyu

A ɗauki tuta mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, ɗaure a jikin sanda ta gefen hagu. Idan za a zana ta a miƙe ne kawai, ɗigogi huɗu da alwatika biyu sun isa. Amma manhajar ba ta iya lanƙwasa abin da ba shi da ɗigo a tsakiya, don haka sai a yanka tutar gida-gida, 20 a tsawo da 10 a faɗi. Hakan ya ba da ɗigogi 231 da alwatika 400, da tazarar santimita 10 tsakanin ɗigo da ɗigo.

Kowane ɗigo yana ɗauke da wata lamba da aka tanada don shimfiɗa zanen tutar a kansa, wadda ke tashi daga 0 a gefen hagu zuwa 1 a gefen dama. Ana kiranta `UV.x`. Wannan lamba ta zo daidai da buƙata, domin tana faɗin nisan ɗigon daga sanda. A harshen manhajar ɗigo na injin Godot, wanda kyauta ne kowa zai iya saukewa, dukan aikin bai wuce haka ba:

```
shader_type spatial;
render_mode cull_disabled;

void vertex() {
    float u = UV.x;
    VERTEX.z += 0.2 * u * sin(6.2832 * (2.0 * u - TIME));
}
```

Layin ƙarshe ne ke ɗauke da komai. Lambar 0.2 ita ce girman kaɗawar, santimita 20 zuwa gaba da santimita 20 zuwa baya. Lambar 2.0 tana nufin igiyoyi biyu ne za su kwanta a kan tutar a lokaci guda, kowace mai tsawon mita 1. `TIME` shi ne lokaci a daƙiƙoƙi, kuma da yake an cire shi ne ba ƙarawa aka yi ba, igiyar tana tafiya daga sanda zuwa baki, mita ɗaya a daƙiƙa. Wanda ya sauya alamar cirewa zuwa ta ƙari zai ga igiyar tana dawowa daga baki zuwa sanda, abin da ido ke ƙi nan take ko da mai kallo bai iya faɗin dalili ba. Layi na biyu kuma yana hana injin ɓoye bayan tutar, tun da ƙyalle ana ganinsa ta fuska biyu.

Ninkawa da `u` shi ne ke riƙe tutar a jikin sanda. A gefen hagu `u` sifili ne, kuma duk abin da aka ninka da sifili ya zama sifili, saboda haka waɗannan ɗigogi 11 ba sa motsi ko kaɗan. Ɗigon da ke tsakiyar tutar, inda `u` yake 0.5, yana farawa a wurinsa. Bayan rubu'in daƙiƙa ya koma baya da santimita 10, a rabin daƙiƙa ya dawo tsakiya, a rubu'i na uku ya fito gaba da santimita 10, a cikar daƙiƙa ya sake dawowa. Na bakin tutar yana yin irin wannan zagaye da cikakkun santimita 20. Idan aka manta da wannan ninkawa, dukan tutar za ta riƙa lilo har da gefen da ya kamata ya kasance a ɗaure, sai a ga ƙyallen yana ratsa sandar yana fita.

Yawan ɗigogi yana da ƙa'ida. A tsarin nan kowace igiya ta sami ɗigogi goma, wanda ya isa ta yi lanƙwasa mai santsi. Idan aka rage yankan zuwa gida huɗu, tazarar ta zama rabin mita, ɗigo biyu kacal ga kowace igiya, sai tafiyar igiyar ta ɓace baki ɗaya: ɗigo ɗaya ya fito, na kusa da shi ya shige, su riƙa musanya a wuri guda. Idan aka rage zuwa gida biyu, ɗigogin duka sun faɗa a mataki ɗaya na lilon, tutar ta koma buɗewa da rufewa a sandare. Duk wanda ya ga haka, matsalarsa tana cikin ragar, kuma gyara lambobin manhaja ba zai taimaka ba sai dai in ya tsawaita igiyar.

Abu na biyu da ke lalacewa shi ne haske, kuma a nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Kowane ɗigo yana ɗauke da wata kibiya da ke nuna inda fuskar ƙyallen ta kalla a wurin, kuma da ita injin ke lissafa yawan hasken da wurin zai samu. Manhajar da ke sama ta motsa ɗigogi amma ta bar kibiyoyin suna kallon gaba kamar tutar tana miƙe. Sakamakon shi ne gefunan tutar suna kaɗawa amma cikinta launi ɗaya ne, babu duhu a kwari babu haske a tudu, kuma idan aka kalle ta daga gaba kai tsaye da ƙyar a san tana motsi. Gyaran yana da sauƙi saboda gangaren igiyar `sin` a kowane wuri ana samunsa da `cos` na wannan lamba ɗin. Sai a lissafa gangaren, a karkatar da kibiyar daidai da shi, a rubuta shi cikin `NORMAL`. A bakin wannan tuta gangaren yana kaiwa kusan digiri 50, karkata mai yawa ƙwarai, kuma ita ce ke haifar da layukan haske da inuwa masu gudu a kan ƙyallen. Mafi yawan abin da mai kallo ke ɗauka a matsayin kaɗawar tuta daga wannan haske yake zuwa, shi ya sa tsallake wannan mataki asara ce babba.

Akwai kuma wani aibi da lissafin ke ɗauke da shi a ɓoye. Ƙyalle na gaske ba ya ƙara tsawo. Idan ya yi lanƙwasa, bakinsa yana matsowa kusa da sanda. A nan kuwa ɗigogin gaba da baya kawai suke yi, don haka layin da ya haɗa su ya fi na asali tsawo. Kusa da bakin tutar ƙarin yana kaiwa kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma idan akwai rubutu ko tambari a wurin za a gan shi yana miƙewa. Ana rage wannan ta hanyar jawo ɗigogin kaɗan zuwa wajen sanda gwargwadon girman kaɗawar, ko kuma a rage girman daga 0.2 zuwa 0.1, inda miƙewar ke faɗuwa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari.

Igiya guda ɗaya tana maimaita kanta daidai kowace daƙiƙa, ido kuma yana gano hakan cikin ɗan lokaci. Maganin shi ne a ɗora igiya ta biyu ƙarama mai sauri a kan ta farko, wadda ke bin tutar a karkace ta hanyar shigar da `UV.y`, a kuma zaɓi saurinta ya zama wanda bai raba na farko daidai ba. Idan ta farko tana zagaye 1 a daƙiƙa, ta biyu kuma 2, haɗinsu zai ci gaba da maimaituwa kowace daƙiƙa. Idan ta biyu tana 2.3, sai bayan daƙiƙa goma su sake haɗuwa a inda suka fara.

Ciyawa

Ganyen ciyawa ɗan'uwan tuta ne da aka tsayar: saiwarsa ce a ɗaure, kansa ne a sake. Bambancin farko shi ne yadda yake lanƙwasa. Tuta ƙyalle ce, amma ganye yana da ƙarfi a gindi, yana yin laushi yayin da ake hawa. Idan aka ture ɗigoginsa daidai da tsayinsu, ganyen zai jingina a miƙe daga gindi har kai. Shi ya sa ake ninka tsayin da kansa. A ganye mai tsayin rabin mita wanda kansa ke kaucewa da santimita 20, tsakiyarsa ba 10 za ta kauce ba, sai 5, domin rabi sau rabi rubu'i ne. A rubu'in tsayinsa kaucewar ba ta kai santimita ɗaya da rabi ba. Siffar da ta fito baka ce, irin wadda ciyawa ke yi a zahiri.

```
float h = VERTEX.y / 0.5;
vec2 saiwa = MODEL_MATRIX[3].xz;
float mataki = 0.8 * dot(saiwa, iska) - 2.0 * TIME;
float tsawo = length(VERTEX);
VERTEX.x += 0.2 * h * h * (0.6 + 0.4 * sin(mataki));
VERTEX = normalize(VERTEX) * tsawo;
```

Lambobin 0.6 da 0.4 suna da dalili. Iska ba ta tura ciyawa gabas sannan ta dawo da ita yamma. Tana kwantar da ita gefe guda, ƙarfin ne ke hawa da sauka. Da wannan haɗin, kan ganyen yana lilo tsakanin santimita 4 da 20, duka a gefe ɗaya.

Layi na biyu da na uku su ne suka mayar da ganyaye ɗaiɗai suka zama fili. Ana zana ciyawar ne ta hanyar aika siffar ganye guda ɗaya ga katin tare da jerin wuraren da za a dasa ta, katin ya maimaita ta sau dubbai a umarni guda. Idan duka suka yi amfani da lokaci kaɗai, za su sunkuya tare su miƙe tare, abin da babu filin da ke yi. Idan aka ba kowane mataki na kansa barkatai, filin zai riƙa ɓari babu alkibla. Abin da ake so yana tsakani, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fadamar shinkafa da damina ya san shi: iska tana zuwa ne a dunƙule, ana ganin gabanta yana ratsa gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Ana samun haka ta hanyar auna nisan saiwar kowane ganye a kan layin da iska ke bi, wanda shi ne aikin `dot`. Ganyayen da ke jere a gicciye da iskar suna sunkuyawa tare, na gabansu kuma su biyo baya kaɗan. Da lambobin da ke sama, tazarar da ke tsakanin guguwa da guguwa kusan mita 8 ce, kuma tana tafiya mita 2.5 a daƙiƙa. Ana ɗaukar matsayin saiwa ne maimakon na ɗigon kansa domin dukan ganyen ya kasance a mataki ɗaya. Idan kuma an jujjuya ganyayen wajen dasawa don kada su yi kama da juna, dole a juya alkiblar iskar zuwa ma'aunin kowane ganye, in ba haka ba kowanne zai sunkuya ta inda fuskarsa ta kalla.

Layin ƙarshe yana gyara miƙewa. Ganyen da kansa ke tsayin santimita 50 kuma aka ture shi gefe da 20, nisan kan daga saiwa ya zama kusan 54. Ƙarin santimita huɗu a ganye ɗaya ba komai ba ne, amma a fili guda sai a ga ciyawar tana girma duk lokacin da iska ta buso. Manhajar tana auna nisan ɗigon daga saiwa kafin turawa, bayan turawar kuma ta mayar da shi wannan nisan. Kan ganyen ya sauko zuwa tsayin santimita 46, wanda shi ne abin da ganye mai sunkuyawa ke yi.

Layukan guguwa madaidaita suna fallasa kansu idan aka kalli filin daga tudu. Manyan wasanni sukan maye gurbin `sin` da wani hoto mai dabbare-dabbaren fari da baƙi masu narkewa cikin juna, irin wanda Ken Perlin ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Ana jan hoton a kan filin zuwa inda iska ta nufa, kowane ganye ya karanta hasken wurin da ke kansa a matsayin ƙarfin iska. Wasan Ghost of Tsushima na kamfanin Sucker Punch, wanda ya fito a 2020, ya kai wannan aiki nesa: katin ne ke ƙirƙirar ganyayen, kowane a matsayin lanƙwasasshen layi na lissafi, na kusa da ɗigogi masu yawa na nesa da kaɗan, kuma iskar da ke kaɗa su ita ce ke nuna wa ɗan wasa hanyar da zai bi.

Tsirrai masu rassa ba su da layi ɗaya daga gindi zuwa kai da za a auna. Don su, mai zane yana shafa wa ɗigogin launi wanda ba za a taɓa gani a allo ba, manhajar ce kawai ke karanta shi a matsayin lamba. Tiago Sousa na kamfanin Crytek ya bayyana tsarin da suka bi a wasan Crysis a littafin GPU Gems 3 na 2007. An raba motsin gida biyu, babban sunkuyawar dukan tsiron da ƙananan rawar ganye. Jan launi yana kula da motsin gefen ganye, kore yana ba kowane ganye matakinsa don kada su yi rawa tare, shuɗi kuma yana faɗin taurin ganyen gaba ɗaya. Wannan shafe-shafe shi ne ya ɗauki matsayin ɗaure ɗigo ga ƙashi, kuma har yanzu ana bin irinsa. Dabarar ma ta wuce tsirrai: dubban kifayen da ke wasan Abzû na 2016 suna iyo ne da irin wannan lissafi, ba tare da ƙwarangwal ba.

Abin da sauran injin bai sani ba

Da yake turawar tana faruwa ne a cikin katin a lokacin zane, sauran sassan injin suna ci gaba da ɗaukar cewa abin yana nan a siffarsa ta asali. Daga nan ne wasu kurakurai ke fitowa, kowanne da alamarsa.

Injin yana kewaye kowane abu da akwati na lissafi, kuma idan akwatin ya fita daga abin da kyamara ke gani, ba ya aika abin ga katin kwata-kwata. Akwatin tutar da ke miƙe siriri ne. Idan kyamara ta juya har akwatin ya fita amma bakin tutar mai kaɗawa yana ciki, tutar za ta ɓace farat ɗaya a gefen allo. Ana faɗaɗa akwatin da hannu gwargwadon iyakar kaɗawar. A Godot saitin shi ne `extra_cull_margin`, a Unreal kuma `Bounds Scale`. Haka nan inuwa ana zana ta ne a zagaye na daban, daga wajen fitila, kuma idan wannan zagayen bai yi turawar iri ɗaya ba, tuta za ta riƙa kaɗawa inuwarta na tsaye, wani lokaci har da baƙaƙen tabo a jikin ƙyallen inda ya shiga cikin inuwar kansa. Manyan injuna suna haɗa wannan da kansu, amma wanda ya rubuta komai da hannu dole ya tuna. A Unity kuma akwai wata dabarar tattara ƙananan abubuwa su zama raga guda don sauri, wadda ke sauya ma'aunin ɗigoginsu, sai tsayin da manhajar ke karantawa ya daina farawa daga saiwa. Alamar `DisableBatching` an tanade ta ne don irin wannan.

Lokaci ma yana iya lalacewa. Lambobin da kwamfuta ke ajiyewa suna rasa ƙananan rassansu yayin da suke girma. A wayoyin hannu ana yawan amfani da gajerun lambobi masu bit 16 don sauri da tanadin batir, kuma a irin wannan lamba, da zarar lokaci ya wuce daƙiƙa 32, ƙaramin matakin da za ta iya nunawa ya zama kashi ɗaya cikin 32 na daƙiƙa, wanda ya fi tazarar da ke tsakanin hoto da hoto a wasa mai hoto 60. Bayan daƙiƙa 512 matakin ya kai rabin daƙiƙa. Alamar a fili take: ciyawa tana kaɗawa lafiya a farkon wasa, bayan 'yan mintuna ta fara tsalle-tsalle, kuma a waya kawai, a kwamfutar mai haɗawa komai lafiya. Lamba mai bit 32 tana jurewa har kusan kwana uku kafin matakinta ya kai kashi ɗaya cikin 32 na daƙiƙa. Shi ya sa ake ajiye lokaci a cikakkiyar lamba, a kuma mayar da shi sifili lokaci-lokaci. Godot yana yin haka duk bayan daƙiƙa 3,600, don haka igiyar da zagayenta bai raba 3,600 daidai ba za ta yi ɗan tsalle sau ɗaya a awa.

Kuskure mai kama da wannan yana faruwa idan aka so iska ta ƙara ƙarfi a tsakiyar wasa ta hanyar sauya lambar da ke ninka `TIME`. A daƙiƙa ta 1,000, sauya ta daga 2.0 zuwa 2.1 yana tsallakar da matakin da 100 a take, wato zagaye kusan 16, kuma idan aka yi sauyin a hankali filin zai yi ta karkarwa har a gama. Hanyar da ta dace ita ce CPU ya riƙa tara matakin da kansa, yana ƙara masa sauri sau tazarar hoto a kowane hoto, ya aika jimillar.

Iyaka ta ƙarshe ita ce taɓawa. Sashen injin da ke lissafa karo bai san tutar ta lanƙwasa ba, don haka kibiya ko harsashi zai bugi shimfiɗaɗɗiyar siffar asali. Tutar kuma ba za ta iya naɗe sanda ba, ko ta rataya a kafaɗar mai wucewa, domin waɗannan suna buƙatar tuna abin da ya faru. Ciyawa tana iya kaucewa ƙafar ɗan wasa idan aka aika wa manhajar matsayinsa, ta ture ganyayen da ke cikin mita ɗaya daga gare shi, amma da ya ɗaga ƙafa za su miƙe nan take. Don sawu ya daɗe, sai an ajiye wani hoto na daban inda ake zana wuraren da aka taka, yana dusashewa a hankali, manhajar ta riƙa karanta shi kamar yadda take karanta hoton iska. Idan kuwa abin da ake buƙata alkyabbar jarumi ce da dole ta bi jikinsa, ko labulen da zai ture da hannu, ana komawa ga ƙasusuwa ko ga cikakken lissafin ƙyalle, a kashe kuɗin lissafin a kan abu ɗaya ko biyu da ke gaban kyamara, a bar dubban da ke bayansu ga manhajar ɗigo.